Waya Na Gani, Talabijin Bai Gani: Rikicin Waifai Mai Zango Biyu

A gidaje da yawa na Kano da Kaduna da Maraɗi, kallon Labarina ko Izzar So ya tashi daga kan waya ya koma babban allon falo. Abin da ya kawo haka ƙaramar na'ura ce da ake sokawa a bayan talabijin, tana ɗauko bidiyo daga intanet ta waifai. Wasu Fire TV Stick gare su, wasu Chromecast ko Roku da ɗan'uwa ya aiko daga ƙasar waje, mafi yawa kuwa akwatin andiroid ne na kasuwa. Duk da bambancin sunayensu, kukan masu su iri biyu ne. Na farko: waya tana nuna sunayen waifai biyu na gidan, har da mai ɗauke da "5G" a ƙarshensa, amma na'urar kallo ɗaya kawai take gani. Na biyu: ɗayan da take gani ɗin ba ya riƙe ta. Ana cikin kallo hoto zai daskare, da'ira ta yi ta juyawa, wani lokaci ma ta ce ta rabu da netwok gaba ɗaya.

Abin da aka saba yi shi ne a zagi kamfanin layi, a ƙara sayen data, in abin ya ƙi a ce na'urar jabu ce a nemo wata. Sau da yawa kuɗin a banza suke tafiya, domin matsalolin nan biyu ba tushensu ɗaya ba. Rashin ganin zango na 5 kusan kullum magana ce ta abin da aka ƙera a cikin na'ura, ko kuma tashar da rawuta ta zauna a kai. Yankewa a zango na 2.4 kuwa magana ce ta cunkoso da nisa da ƙarancin wuta. Kowanne da hanyar gane shi, kuma yawancin gyaran ba ya cin ko kwabo.

Zango da tasha

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya san zango daban, tasha daban. Rediyon da ba ta da gajeren zango ba za ta kama abin da ake watsawa a can ba, ko da an ɗaga eriya har sama. Wadda take da shi ma, in allurarta ba ta kaiwa ƙarshen allo, akwai tashoshin da ba za ta ji ba. Haka waifai yake. Rawuta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, tana iya watsawa a zangon gigahaz 2.4 ko na gigahaz 5, ko duka biyun. A cikin kowane zango kuma akwai tashoshi masu lamba, a kan ɗaya daga ciki take zama.

Zangon 2.4 shi ne tsohon hannu. Yana zuwa nesa, yana ratsa bango fiye da ɗan'uwansa, amma matsattse ne ƙwarai. Zangon 5 yana da fili mai yawa da sauri, sai dai bulo da siminti suna cinye ƙarfinsa da wuri. Ko a fili fetal, a nisa ɗaya, abin da eriya ke kamawa a zangon 5 bai wuce kusan rubu'in abin da take kamawa a 2.4 ba.

Akwai ruɗani guda da ya kamata a kawar tun da wuri. "5G" ɗin da ke maƙale a sunan waifai ba shi ne 5G na kamfanonin layi ba, wanda MTN ta fara a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. Na kamfanonin layi tsakanin turken sabis da rawuta ko waya yake aiki. Na sunan waifai kuwa gajarta gigahaz 5 aka yi, tsakanin rawuta da kayan cikin gida. Mutum zai iya mallakar rawuta mai 4G da ke watsa zangon 5, kuma zai iya zama a unguwar da 5G ya wadata alhali na'urar kallonsa ba ta san zangon 5 ba sam.

Shin tana da kunnen ji ma kuwa?

Tambayar farko ke nan, kuma ita aka fi tsallakewa. Chromecast na farko, wanda Google ta fitar a 2013, zangon 2.4 kaɗai yake da shi. Sai a na biyu, na 2015, aka ƙara zangon 5. Roku Express ya yi shekaru yana fitowa da 2.4 kaɗai, har sai samfurin 2022. Akwatunan andiroid masu arha irin su X96 Mini, yawancinsu haka suke. Wasu kwalaye ma ana buga musu "5G" da manyan baƙaƙe, alhali wannan rubutu ba ya tabbatar da komai game da abin da ke ciki. Abin dubawa shi ne ƙananan rubutun bayani. In an ga 802.11 b/g/n kawai, to 2.4 ne zalla. In an ga harafin "a" a jerin, ko 802.11ac, ko Wi-Fi 5, ko kalmar dual-band, akwai zangon 5.

Rawutar ma sai an tuhume ta. Ƙananan maifai na aljihu da yawa, kamar Huawei E5576, da rawutocin tebur masu sauƙin kuɗi kamar B311-221, zango ɗaya suke watsawa. Ba yadda za a yi a ga abin da ba a watsa ba.

Gwajin da ke raba gardama yana cikin aljihu. A yawancin wayoyin andiroid na yanzu, a saitin hosfot akwai wurin zaɓen zango. A zaɓi 5 GHz. A iPhone 12 da waɗanda suka biyo bayanta, kashe Maximize Compatibility ne ke barin hosfot ya hau zangon 5. A kunna, a tsaya kusa da talabijin, a sa na'urar kallo ta sake neman netwok. In ta ga hosfot ɗin, kunnenta lafiya lau, laifin yana wajen saitin rawuta. In ba ta gani ba, kuma rubutun kwali bai ambaci zangon 5 ba, to a daina wahalar da kai. Babu saiti ko sabunta manhaja da zai ƙara mata abin da ba a ƙera ta da shi ba.

Tashoshin da ake rabawa da rada

Nan ne labarin ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi samun bakin zaren. Tashoshin zangon 5 rukuni huɗu ne. Akwai 36 zuwa 48, akwai 52 zuwa 64, akwai 100 zuwa 144, sai 149 zuwa 165. Rukunai biyu na tsakiya ba na waifai kaɗai ba ne. Tun kafin ya zo, na'urorin rada na hasashen yanayi da na soja da na wasu filayen jiragen sama suna aiki a wajen. Da taron sadarwar rediyo na duniya ya amince a 2003 waifai ya shiga wannan fili, sai da sharaɗi: dole rawuta ta kauce wa rada. Wannan tsari shi ne DFS da ake gani a shafin saiti.

Ga yadda yake aiki. Kafin rawuta ta fara watsawa a irin wannan tasha, sai ta yi shiru na daƙiƙa 60 tana saurare. A ƙa'idar Turai, in tashar tana cikin 120 zuwa 128, inda radar yanayi take, shirun har minti 10 yake kaiwa. In kuma tana cikin aiki ta ji wani abu mai kama da rada, dole ta tashi daga tashar cikin daƙiƙa 10, kuma ba za ta dawo ba sai bayan minti 30. Ba kullum radar gaske take ji ba; wani lokaci hayaniya ce kawai ta ruɗe ta, amma duk da haka sai ta tashi.

Masu ƙera na'urorin kallo da dama, musamman tsofaffin samfura da masu arha, ba su sa waɗannan tashoshi a cikin jerin da na'urar ke nema ba. Roku ya daɗe da yin suna a kan haka: samfuransa da yawa 36 zuwa 48 da kuma 149 zuwa sama kaɗai suke dubawa. Saboda haka in rawuta ta zauna a tasha ta 100, waya za ta gan ta ta hau, na'urar kallo kuwa ko sunan ba za ta nuna ba, ko da an ɗora ta a kan rawutar.

Sai kuma batun ƙasa. Kowace ƙasa da tashoshin da ta halatta, kuma ana saita kaya bisa kasuwar da aka yi niyyar kai su. A Japan ba a amfani da 149 zuwa sama. A Turai an taƙaita ƙarfin watsawa a wannan rukuni, har na'urori da yawa ba sa kula shi. A Sin kuwa 149 zuwa 165 ne gida, rukunin 100 zuwa 144 ne babu. Kasuwanninmu kuma kowa ya san yadda suke: rawuta daga Guangzhou, na'urar kallo daga Landan ko Dubai, talabijin na hannu daga Jamus, duk a falo ɗaya. Kowanne lafiyarsa ƙalau a ƙasarsa, amma jerin tashoshinsu bai haɗu ba sai a 'yan wurare.

Abin da ke ƙara dagula lissafi a wajenmu shi ne wutar lantarki. Yawancin rawutoci suna zuwa a saite kan Auto, wato su zaɓi tasha da kansu, kuma da yawa a lokacin kunnuwa suke yin zaɓen. Duk ɗauke wuta, duk sauyawa daga nepa zuwa janareta, sabon zaɓe ne. Jiya ta faɗa kan 44, na'ura ta gani. Yau ta faɗa kan 112, ta ɓace. Mai gida sai ya ɗauka na'urar ce ta fara lalacewa. Ko da na'urar tana iya hawa tashoshin DFS, akwai wani tarkon: in wuta ta dawo, zangon 2.4 yana fitowa nan take, na 5 kuwa yana can yana shirun saurare. Na'urar kallo ta riga ta kunnu, ta ga 2.4, ta kama shi, kuma sau da yawa nan za ta zauna har a sake kashe ta. Mutum yana zaton yana kan zango mai sauri, alhali tun safe yana cikin cunkoso.

Abin da ke tsinka zaren a 2.4

A takarda zangon 2.4 yana da tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka. Amma tazarar da ke tsakanin tasha da tasha megahaz 5 ce, alhali kowace rawuta tana cin faɗin megahaz 20. Ke nan wadda ta zauna a tasha ta 3 tana taka ƙafar na 1 har zuwa na 6. Uku kaɗai ne ba sa shiga juna: 1 da 6 da 11. Duk maƙwabtan layi, da maifai na 'yan haya, da hosfot na samarin gida, waɗannan ukun suke rabawa.

Waifai kuma layi ake bi. Kafin na'ura ta aika komai sai ta saurara; in wani yana magana a tashar sai ta jira. Shi ya sa zama a tasha ɗaya da maƙwabci, duk da yana rage sauri, ya fi zama a gefensa. In kuna tasha ɗaya na'urorinku suna jin juna, suna ba juna dama. In kana kan 4 shi yana kan 6, ba sa fahimtar juna, sai dai kowanne ya zame wa ɗaya hayaniya, saƙonni su lalace a yi ta maimaitawa. Mutane da yawa suna zaɓar 3 ko 9 don sun ga babu kowa a kai, suna ganin dabara ce, nan kuwa sun jawo wa kansu da maƙwabta matsala daga ɓangare biyu. Wanda ya buɗe faɗin tasha zuwa megahaz 40 kuwa, shi kaɗai ya mamaye kusan rabin zangon.

Ba waifai kaɗai ke zaune a wurin ba. Bulutut yana tsalle-tsalle a duk faɗin wannan zango, kuma a ƙananan na'urori sau da yawa eriya ɗaya yake rabawa da waifai. Haɗa lasifika ko abin kunne na bulutut yana iya rage saurin bidiyo. Na'urar ɗumama abinci tana aiki a gigahaz 2.45, tsakiyar zangon, kuma ɗan abin da ke tsiyayowa daga cikinta ya isa ya dame tashoshin da ke kusa. Kamfanin Intel ma ya fitar da bayani a 2012 yana nuna cewa kafofi da kebul na USB 3.0 suna fitar da hayaniya daidai wannan zango. Filashi ko hadis da aka soka dab da na'urar kallo yana iya zama sanadi. Alamar irin waɗannan ita ce yankewar tana da lokaci: in ana ɗumama abinci, in an kunna lasifika, ko tsakanin magariba da ƙarfe goma, lokacin da duk unguwa ta hau.

Tashoshi 12 da 13 suna da nasu sharrin. Na'urar da aka saita don Amurka ba ta neman su. In Auto ya jefa rawuta can, na'urar ba yankewa kawai za ta yi ba, netwok ɗin ne zai ɓace mata baki ɗaya.

Akwai kuma mai laifin da ba a cika zargi ba, domin ba ya kama da matsalar netwok: wuta. Don gudun tarin wayoyi, mutane kan soka kebul ɗin wutar na'urar a kafar USB ta talabijin. Kafar USB 2.0 bisa ƙa'ida miliyamf 500 take bayarwa, alhali cajar da ke zuwa da Fire TV Stick amf ɗaya ce cur, ninki biyu ke nan. Na'urar za ta kunnu, ta nuna jerin finafinai lafiya, amma da zarar bidiyo ya fara, inji da waifai suka nemi wuta a tare, sai ƙarfi ya gaza. Abin da ake gani shi ne tsinkewar netwok, ko na'urar ta mutu ta sake kunnuwa da kanta. Zafi ma yana taimakawa. A watan Afrilu, tsakanin bango da bayan talabijin mai ɗumi, ƙaramar na'ura marar fanka tana shan wuya.

Gida ɗaya, mataki-mataki

A ɗauki misalin gidan bulo mai ɗaki uku. Rawuta mai zango biyu tana ɗakin maigida, a ƙasan tebur kusa da soket ɗin inbata. Talabijin yana falo, bango biyu a tsakani, na'urar kallon kuma daga Amurka aka aiko ta. Waya tana ganin sunaye biyu, na'urar tana ganin ɗaya, shi ma yana yankewa kowane dare.

Kafin a taɓa komai sai a tabbatar intanet ɗin kansa yana zuwa. A tsaya gaban rawuta da waya a lokacin da matsalar ta fi tsanani, a gwada sauri a fast.com. Netflix tana ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa don hoto mai 1080p, da 15 don 4K. In a gaban rawuta ma abin da ake samu 1 ne ko 2, to turken sabis ne ya cika, kuma babu gyaran waifai da zai magance wannan. Sai dai a matsar da rawutar kusa da taga ko a gwada wani layin. A misalinmu an samu 25. Intanet yana shigowa gida, a cikin gidan yake ɓata.

Sai a sa manhajar duba waifai a wayar andiroid, irin su WiFi Analyzer, a zo bakin talabijin a buɗe. Tana nuna kowane netwok da tasharsa da ƙarfinsa. A ce ta nuna zangon 5 na gidan yana tasha ta 100, na 2.4 kuma yana ta 4 da faɗin megahaz 40, ga maƙwabta biyu a kan 6, ɗaya a kan 1. Kallo ɗaya ya bayyana matsalolin biyu.

Yanzu sai shafin saitin rawuta. Ana shigarsa ta burauza, da adireshin da ke rubuce a ƙasan rawutar tare da kalmar sirri. A na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, a wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A ɓangaren waifai, in akwai Smart Connect ko Band Steering, wato haɗe zango biyu a suna ɗaya, a kashe shi, a ba kowane zango sunansa. Masu Starlink za su sami wannan a manhajarsa, inda ake raba 2.4 da 5. Abin da ake so a ƙarshe kamar haka ne:

```
5 GHz    Channel: 36    Width: 80 MHz
2.4 GHz  Channel: 11    Width: 20 MHz
Security: WPA2-PSK (AES)
```

Dalilin 36 shi ne rukunin 36 zuwa 48 ne ya fi karɓuwa a wajen na'urorin kusan kowace ƙasa, kuma ba ya jiran rada. Wasu rawutocin da ake sayarwa a nan ba sa nuna wannan rukuni a jerinsu. In haka ne a ɗauki 149, wanda kayan Amurka da na Sin suke gani. Kada a zaɓi faɗin 160, domin daga 36 zai miƙe har cikin tashoshin rada, a koma gidan jiya. An ɗauki 11 ne don a wannan misali ita ce babu kowa a kai. A wani gidan 1 ce ko 6. Shi kuma WPA3, da ya fito a 2018, ya fi tsaro, amma tsofaffin na'urori da yawa ba su san shi ba: za su ga sunan, a sa kalmar sirri daidai, su ƙi shiga.

An adana, rawuta ta sake kunnuwa, ga sunan zangon 5 ya fito a talabijin. Amma aiki bai ƙare ba, don manhaja tana nuna ƙarfinsa a bayan talabijin -78 dBm. Wannan lamba, gwargwadon kusantarta da sifili gwargwadon kyaunta. Wajen -50 ƙarfi ne sosai, -67 ita ce iyakar da masu girka waifai suka saba nema don bidiyo, daga -75 zuwa ƙasa kuwa yankewa za a yi ta yi. Kuma ba lissafin kai tsaye ba ne: duk ragin 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, ragin 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Tsakanin -67 da -78 akwai bambancin da ya haura ninki goma.

Gyaran nan da hannu ake yinsa. A fito da rawuta daga ƙasan tebur zuwa koridon da ke fuskantar ƙofar falo, a ɗora ta sama da tsayin mutum, nesa da firji da madubi da ƙofar ƙarfe. Bango ɗaya ya fita daga lissafi ke nan. Sannan a nemo guntun kebul na HDMI da ke zuwa a kwalin Fire TV Stick, wanda mutane da yawa kan jefar suna zaton ba shi da amfani. Bayan talabijin akwai faffadan ƙarfe da ke tare sigina, kuma wannan guntun kebul shi ke ba na'urar damar leƙowa ta gefe ko ta ƙasa. A cire wutarta daga jikin talabijin a mayar kan cajarta a soket. In bayan wannan lambar ta koma wajen -64, an isa. A Fire TV ana iya dubawa ta Settings, sannan Network, a tsaya kan sunan netwok a danna maɓallin kunnawa da tsayarwa na rimot.

Mataki na ƙarshe ƙarami ne amma shi ke hana matsalar dawowa: a sa na'urar kallo ta manta da sunan 2.4, ta zaɓin Forget. In ba ta da kalmar sirrinsa, ba za ta zame can ba duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo. Masu tura bidiyo daga waya zuwa Chromecast kada su damu. Sunayen biyu netwok ɗaya ne a cikin rawuta, matuƙar ba a kan na baƙi wayar take ba.

Inda zangon 5 ba shi ne mafita ba

Ba kowane gida ne ya kamata ya nace wa zangon 5 ba. In rawuta tana sama, talabijin yana ƙasa, dakin mai rodi a tsakani, ko kuma sashe daban ne a ƙetaren tsakar gida, 2.4 mai tsafta a -62 ya fi 5 mai numfashi sama-sama a -80. A gidan da maƙwabta ba su da yawa, tasha ɗaya mai faɗin megahaz 20 tana ɗaukar bidiyon 1080p ba tare da wahala ba. Ga mai na'urar da 2.4 kaɗai take da shi, dabarar ita ce a kwashe wayoyi da kwamfutoci a mayar da su zangon 5, a bar mata filin.

Na'urar ƙara nisan waifai da ake sokawa a soket, wadda 'yan kasuwa ke saurin miƙowa, tana bukatar taka-tsantsan. Mai zango ɗaya tana karɓa ta sake aikawa a tasha guda, don haka kusan rabin saurin ke tafiya, ga ƙarin cunkoso. In kuma an sa ta a ɗakin da sigina ta riga ta mutu, allon zai nuna sanduna cike, amma abin da take maimaitawa raunannen saƙo ne. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda ƙarfin rawuta bai faɗi ba tukuna.

A ganin mai wannan rubutu, duk gidan da kebul zai iya kaiwa, kebul ya fi. Yawancin akwatunan andiroid suna da kafar Ethernet a bayansu, ba a dai amfani da ita ne. Fire TV Stick da Chromecast ba su da ita, amma ana sayar musu da ƙaramin mahaɗi da ke shiga ta kafar wuta. Na Amazon megabit 100 yake ɗauka, wanda ya ninka bukatar 4K fiye da sau shida. Kebul na Cat5e yana kai mita 100 ba tare da raguwa ba, kuma masu girka kyamarar tsaro a kowane gari suna yanka shi da mita su matse masa kai. Ana iya bi da shi ta saman silin ko gefen bango daga ɗakin rawuta zuwa falo, a soka, na'urar ta gane shi da kanta ta bar waifai.